Yadda ake tsara darasin awon kaftani, daga hannun malami zuwa hannun ɗalibi

Ɗalibin da ya tsaya yana kallon malaminsa yana auna mutum, a cikin minti uku zai ji kamar ya iya. Tef ya zagaya, an faɗi lamba, an rubuta. Sai ranar da aka miƙa masa tef ɗin za ka ga ya tsaya yana laluben inda kafaɗa ta ƙare. Tsakanin kallo da iyawa akwai tazara, kuma ita ce tsarin darasi zai cike. Mun ɗauki aji guda a matsayin misali: ɗalibai maza 15 a cibiyar koyon sana'a, sun riga sun saba da keke da almakashi, yau ne za su fara awon mutum, lokacin da aka ba malami kuma awa uku ne. Abin da ake so a ƙarshe abu ne da za a iya gani a takarda: mutum uku su auna mutum ɗaya, kowa shi kaɗai, lambobinsu su zo kusa da juna.

Abin da za a koyar, da abin da za a bari

A darasin farko a tsaya a rigar kaftani kaɗai. Awonta takwas ne: tsayi, kafaɗa, hannu, dantse, bakin hannu, wuya, ƙirji da ciki. Wando a bar shi sai darasi na gaba, domin ƙugu da cinya da zurfin wando suna da nasu wahalar, ga kuma kunya da ke hana sabon ɗalibi sa tef inda ya kamata. Malamin da ya haɗa riga da wando a rana ɗaya zai gama bayani, amma lokacin da ɗalibai za su riƙe tef da hannunsu ba zai kai rabin awa ba.

A rubuta jerin awon nan takwas a kan allo kafin ɗalibai su shigo, kuma a bi jerin nan kullum ba canji. Teloli sun bambanta, wani da wuya yake farawa, wani da tsayi. Ba laifi, kowanne ka zaɓa ya yi. Amfanin jeri ɗaya shi ne hannu ya haddace shi, ta yadda in an tsallake wuya mutum zai ji a jikinsa cewa akwai abin da ya bari. Jerin da muka kawo yana farawa daga gaban mutum, ya koma baya, ya gangara hannu, sannan ya ƙare da awon da ake zagayawa, don haka mai awo ba ya ta kewaya mai kaya kamar yana neman wani abu.

Kayan da za a tanada ba su da yawa: tef guda ga kowane ɗalibi, rular ƙarfe ko ta katako mai kyau guda ɗaya, allin tela, fensir, katin awo takwas ga kowane ɗalibi, da babbar takarda ta yin fasali falle biyar. A jikin katin a zana kaftani gaba da baya, a ja kibiya a kowane wurin awo, a bar gurbin lamba a gefenta. Wannan zanen yana taimakon ɗalibin da karatunsa na boko bai yi nisa ba, domin ba sai ya rubuta kalma ba, lamba kawai zai sa a inda kibiya ta nuna. A sanar da ɗalibai tun jiya cewa kowa ya zo da riga marar kauri. A lokacin hunturu wannan sanarwar tana da muhimmanci, don in ba haka ba rabin ajin da rigar sanyi za su zo.

Awa ukun a kasa ta haka: minti 15 na duba tef da karanta shi, 25 na nunin malami, 25 na yi tare mataki mataki, 10 na hutu, 55 na aikin ɗalibai malami na zagayawa, 30 na kwatanta lambobi da lissafin yanka, sai 20 na gwajin ƙarshe. In aka lura, bakin malami bai ci rabin lokacin ba. In an makara wajen farawa, a rage daga lissafin yanka a ɗaga shi zuwa wani darasin, kada a taɓa mintuna 55 ɗin nan.

Tef ɗin kansa

Kafin a auna mutum, a auna tef. Tef ɗin tela da aka saba da shi inci 60 ne, wato kimanin santimita 152, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Kowane ɗalibi ya shimfiɗa nasa a kan teburi kusa da rula, ya duba ko inci 10 na tef ya yi daidai da inci 10 na rula. Abubuwa uku ake nema. Na farko tsohon tef da ya miƙe saboda yawan ja, wanda zai riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya. Na biyu tef ɗin da ƙarfen bakinsa ya fita, har aka rasa wani abu daga incin farko. Na uku kuwa shi ya fi ɓarna: akwai tef masu araha da ke shigowa kasuwa waɗanda a gefe ɗaya ba inci ke jikinsu ba, ma'aunin China ne mai kimanin santimita 3.3. Ido ba ya saurin gane shi. Hanyar kama shi ita ce a naɗe tef a daidai lamba 10, a juya a duba ɗaya gefen. In gefen biyu daga baki ɗaya suka fara, tef na gaskiya zai nuna santimita 25 da ɗan ɗori, wancan kuwa zai nuna 33. Mutumin da ƙirjinsa 38 ne, irin wannan tef zai ce 29. Duk wanda aka samu a ajiye shi gefe nan take.

Daga nan sai karatun layukan da ke cikin inci. Yawancin tef sun raba inci gida takwas. Ga kaftani, kwata da rabi da uku bisa huɗu sun isa. Malami ya zana inci ɗaya babba a allo, tsawon kamu guda, ya nuna cewa layi na biyu kwata ne, na huɗu rabi, na shida uku bisa huɗu. Sai ya kira lambobi, kowa ya ɗora farcen babban yatsa a wurin ya ɗaga tef: 15 da rabi, 17 da kwata, 24 da uku bisa huɗu. A nan za a kafa dokar rubutu. Rabi a rubuta shi ½, kwata ¼. Kada a yarda da ɗigo, domin sabon ɗalibi yakan ƙirga layi huɗu ya rubuta 17.4 yana nufin 17½, mai yanka kuma ya karanta wani abu daban. In ajin a Maraɗi ko Damagaram yake, inda aka fi aiki da santimita, wannan matsalar ba ta tasowa sosai, amma dokar ɗaya ce: aji guda ma'auni guda, kada a gauraya.

Nunin malami, sau uku

A zaɓi wanda za a auna, ɗalibi mai matsakaicin jiki wanda ƙashin kafaɗarsa ke bayyane. Sauran su tsaya rabin da'ira a bayan malami da gefensa, yadda za su ga tef daga inda mai awo ke ganinsa. Wanda ya tsaya a gaba yana fuskantar malami zai ga komai a juye, damansa ta zama hagu.

Karon farko malami ya yi awon gaba ɗaya yadda yake yi wa mai kaya a shago, da saurinsa na kullum, ba tare da bayani ba. Ya yi sallama, ya ce: “Alhaji, in ba damuwa a ciro waya daga aljihu. A tsaya yadda aka saba, a saki hannu.” Ya auna, ya faɗi lamba, wani ɗalibi ya rubuta. Minti uku ya isa. Amfanin wannan karon shi ne ɗalibai su ga siffar aikin dukansa, su kuma ji yadda ake magana da mutumin da za a taɓa jikinsa.

Karo na biyu shi ne mai nauyi, kuma shi zai ci kusan minti 15. A kowane awo malami ya faɗi abu uku kawai: inda tef ke farawa, inda yake bi, inda yake tsayawa. Tsayi yana farawa daga saman kafaɗa, daidai gindin wuya, ya sauko ta gaba bisa ƙirji da ciki zuwa inda mai kaya ke son rigarsa ta tsaya. Mai awo shi ne zai durƙusa ya karanta, mai kaya kuwa ya ci gaba da kallon gabansa, domin da zarar ya sunkuya don ya ga lamba tsayin ya canza. Kafaɗa ta baya ake aunawa, daga tsinin ƙashin wannan gefe zuwa na wancan, tef yana bin ɗan tudun da ke ƙasan wuya. A nan malami ya dakata, ya sa kowa ya ɗora yatsa a kan tasa kafaɗar ya laluba har ya ji inda ƙashi ya ƙare hannu ya fara gangarawa. Wannan wurin shi ne mahaɗar awo biyu, don daga nan hannu yake farawa. Saboda haka yatsan da ya tsayar da awon kafaɗa ba ya ɗagawa, a kansa za a ɗora bakin tef a gangara ta wajen gwiwar hannu, hannun yana ɗan lanƙwashe kaɗan, zuwa ƙashin da ya turo a wuyan hannu. In aka auna hannu a miƙe sambal, ranar da mai riga ya ɗaga hannu zai sha shayi sai hannun riga ya ja baya ya bar agogo a waje.

Dantse a zagaya shi a inda ya fi kauri. Bakin hannu a zagaya wuyan hannu, sannan a tambayi mai kaya ko mai maɓalli yake so ko sakakke, domin sakakke dole tafin hannu ya wuce ta cikinsa, don haka sai a ƙara zagaya dunƙulallen hannu. Wuya a zagaya gindinsa, inda kwala ke zama, da yatsa ɗaya a ƙarƙashin tef. Ƙirji kuwa mai kaya ya ɗaga hannu a shigar da tef ƙarƙashin hammata, sannan ya sauke hannun kafin a karanta. Tef ya bi ta kan allon baya ya zama a kwance daidai gaba da baya, ya taɓa jiki ba tare da ya nutse ba, mutum kuma yana numfashinsa na kullum. Ciki a zagaya inda ya fi fitowa, galibi wajen cibiya. Mutane da yawa suna janye ciki da zarar sun ga tef, ba da gangan ba. Maganinsa a yi wa mutum wata 'yar tambaya, yana cikin amsawa cikin zai koma yadda yake.

Kada malami ya cusa tarihin kowane kuskure a wannan karon. Ya nuna daidai tukuna. Kurakurai za su zo da ƙafarsu nan da rabin awa, a lokacin ne bayaninsu zai zauna.

Karo na uku malami na riƙe da tef amma ba ya motsawa sai an faɗa masa. Ya tambaya: “Musa, daga ina zan fara kafaɗa?” In Musa ya ce daga nan, sai malami ya ce ya zo ya nuna da yatsa. In wani ya ce a auna ƙirji bai ce a sauke hannu ba, malami ya bar hannun a sama ya jira har wani ya lura. Wannan karon ne ke nuna wa malami ko ajin ya shirya karɓar tef. Tambayar “kun gane?” ba ta nuna komai, domin amsarta kullum “mun gane, Malam” ce.

Yi tare, awo ɗaya bayan ɗaya

Yanzu a raba ajin uku uku, rukuni biyar. A kowane rukuni ɗaya na awo, ɗaya ake aunawa, na uku na rubutu. Uku ya fi biyu, domin mai rubutu yana tsaye a baya, shi ke ganin ko tef ya zame a gadon baya, abin da mai awo ba zai gani daga gaba ba. Aikinsa biyu ke nan: ya ce “tef ya sauka” in ya sauka, kuma ya maimaita lambar da aka faɗa da ƙarfi kafin ya rubuta.

A wannan zangon ba wanda ke gaba da wani. Malami ya kira “kafaɗa”, rukunoni biyar su ɗora tef su tsaya a haka, ba a cirewa sai ya zo ya duba inda yatsu suke. Duba rukuni biyar a awo ɗaya bai wuce minti ɗaya ba. A haka za a bi takwas ɗin, sannan a yi musaya har kowa ya riƙe tef sau ɗaya. A zagaye na biyu da na uku ba sai an tsaya a kowane awo ba, a tsaya a kafaɗa da ƙirji kaɗai, su ne suka fi ba sabon hannu wahala.

Akwai abin da malami zai danne a ransa a nan, wato son karɓe tef ya gyara da kansa. Da zarar ya karɓa, ɗalibin ya koma mai kallo. Gara ya ce, “Sake laluba ƙashin. Ka ji shi? To ɗora a nan.” In ya zama dole ya taɓa, ya kama yatsan ɗalibin ya matsar da shi, tef ɗin ya zauna a hannun mai shi. Bahago kuma a bar shi ya riƙe bakin tef da hannun da ya fi masa, abin dubawa shi ne wurin farawa da wurin tsayawa.

Ladabin taɓa jiki a nan ake kafa shi, ba a wani darasi na daban ba. Mai awo ya faɗi abin da zai auna kafin ya kai hannu. Wajen zagaya ƙirji da ciki ya ɗan karkata gefe, kada ya rungumi mutum fuska da fuska. Ba a furta komai game da jikin wanda ake aunawa, ko ƙiba ko rama, lamba kaɗai ake faɗa. Matasa in suka fara aunar juna dariya takan ɓarke, a bar ta ta wuce a mintunan farko, amma zolaya kan tumbin wani a tsayar da ita nan take, don ɗalibin da aka kunyata zai riƙa janye ciki har a tashi. In ajin na mata ne, tsarin darasin bai canza ba, sai dai malama ce za ta nuna, a ɗaki mai labule inda za a iya cire hijabi.

Aikin ɗalibai, malami na zagayawa

Bayan hutu a sauya tsarin. Kowane rukuni ya aika mutum ɗaya zuwa rukunin da ke kusa, ya karɓi baƙo daga wani. Baƙon shi ne mai kaya. Mutum biyun da suka rage su auna shi ɗaya bayan ɗaya, kowa a katinsa, wanda bai fara ba ya juya baya don kada ya ji lambar ɗan'uwansa. A nan mai awo shi ke rubuta wa kansa, kamar yadda zai yi a shago in ba yaro kusa. Bayan sun gama sai masu awo na rukunin gaba su aiko da mutum ɗaya ya yi awo na uku. Kowane zagaye kimanin minti 18 ne, zagaye uku sun cika lokacin, kuma a kowane zagaye a canza waɗanda ake aunawa. Yana da kyau a cikin zagayen a samu siriri, da mai jiki, da mai saukakkiyar kafaɗa, don kada ɗalibi ya saba da jiki iri ɗaya.

Malami ya riƙe takardar sunaye mai gurbi takwas a gaban kowane suna. Kada ya yi ƙoƙarin ganin komai a lokaci ɗaya. A zagayen farko ya duba wurin farawa kaɗai, a na biyu ya duba matsin tef da kwanciyarsa, a na uku ya saurari magana ya duba rubutu. In ya ga kuskure ɗaya a rukuni ɗaya, ya gyara a wurin da murya ƙasa ƙasa. In ya ga kuskuren nan a rukuni uku, to daga nuninsa ne aka rasa wani abu, ya tsayar da kowa ya sake nuna wannan awon kaɗai na minti biyu, a ci gaba. Ya kuma kula da ƙafarsa, domin ƙafar malami takan kai shi wajen ɗaliban da ke yawan kira, shiru shirun da ke lungu kuwa a tashi ba a ga hannunsa ba.

Abin da lambobi ke faɗa

A ɗauki mutum ɗaya a rubuta katunansa uku a allo ba tare da sunan masu awo ba. Ga irin abin da akan samu. A ƙirji an sami 38, 38½ da 41. A kafaɗa 17½, 16 da 17½. A hannu 24, 25½ da 24. A wuya 15, 15¼ da 15.

Wuya ba matsala, kwata ce tsakani. Ƙirji na farko da na biyu ma sun yarda da juna, rabin inci na iya zuwa daga numfashi. Amma 41 ba numfashi ba ne. A kira wanda aka auna a sake a gaban kowa, a gwada dalilan ɗaya bayan ɗaya: ko akwai waya a aljihun gaba, ko tef ya murɗe a baya, ko mai awo ya sa yatsu huɗu a ƙarƙashin tef don yana tunanin kada riga ta matse. Galibi na ƙarshen ne. Kati na biyu kuwa yana da labarinsa: kafaɗa ta ragu da inci ɗaya da rabi, hannu ya ƙaru da inci ɗaya da rabi. Lambobin biyu suna nuna wuri guda. Mai awon bai kai ƙarshen ƙashi ba, mai yiwuwa ya bi ɗinkin rigar da mutumin ke sanye da ita, sannan ya fara hannu daga can sama. In ɗalibai suka koyi karanta kati a haka, za su riƙa kama kuskurensu kafin almakashi ya taɓa yadi. Wani lokaci kuma za a ga 22 a gurbin ƙirji. Wannan tef ne mai inci a gefe biyu da suka fara daga baki daban daban, an karanta ta baya, 60 a cire 38.

Iyakar da za a yarda da ita a faɗe ta a fili. A ganinmu, ga kaftani, rabin inci ne a tsayi, hannu, dantse, ƙirji da ciki, kwata kuma a wuya, kafaɗa da bakin hannu. Wuya da kafaɗa an tsananta musu ne don su ido ke fara gani a jikin riga, kuma in an yanke su ba su da wurin gyara sosai.

Daga nan sai a nuna musu inda lambar ke zuwa, a kan babbar takarda da aka ninka gida huɗu kamar yadda ake ninka yadi. Ƙirji 38 awon jiki ne. Kaftani ba ya manne wa jiki, don haka a ƙara sarari, misali inci 6 ga mai son matsakaicin sakewa, ya zama 44. A raba huɗu, 11. A ƙara rarar ɗinki inci 1 a gefe, 12. Wannan 12 ɗin ita ake sa wa alli daga bakin ninki. Kafaɗa biyu ake raba ta: 17½ ya zama 8¾, da rarar ɗinki rabin inci, 9¼. Kowane rukuni ya yi wannan lissafin da katin ɗaya daga cikinsu, ya zana layukan biyu a takardarsa.

Sai a dawo kan mai 41. Shi ya riga ya sa sarari a cikin awonsa bai faɗa wa kowa ba. Mai yanka zai ƙara nasa 6, riga ta fito 47 a maimakon 44, kafaɗa daidai amma jiki ya yi buhu. A shaguna da yawa sarari da rarar ɗinki duk alawans ake ce musu, kuma akwai telolin da suka ƙware waɗanda ke auna riga kai tsaye da sararinta a ciki. Wannan yana yi musu aiki saboda su ke awo su ke yanka. Ga mai koyo kuwa, kati awon jiki zalla zai ɗauka, sarari a teburin yanka ake ƙara shi, sau ɗaya. A nuna musu ma ɗaya ɓangaren: rabin inci da aka kuskure da alli a kan yadi mai ninki huɗu inci biyu ne a jikin mai riga.

Misali ɗaya ya rage wanda bai kamata a tashi ba a taɓa shi ba, wato mutumin da cikinsa ya fi ƙirjinsa. In ƙirji 40 ne ciki 44, lissafin faɗin riga daga ƙirji zai ba da 46, wato inci biyu kacal a kan ciki, riga za ta ɗame a gaba aljihu ya buɗe baki. Saboda haka a wajen ciki da lambar ciki ake lissafi, layin gefe ya buɗe daga hammata zuwa ƙasa. Shi ya sa kuma aka ce tef ɗin tsayi ya bi ta kan ciki, domin tudun yana cin tsawo, in ba a yi haka ba gaban riga zai ɗage ya fi baya gajarta.

Gwajin ƙarshe

Tun kafin darasi malami ya samu mutum uku daga wajen ajin, ko ɗaliban wani sashe, ya auna su da kansa ya ajiye katunan a aljihu. A minti 20 na ƙarshe a tsayar da su a wurare uku, ɗalibai biyar ga kowane mutum, kowa minti huɗu. Ɗalibi ya auna, ya miƙa katinsa, malami ya kwatanta da nasa. Wanda ya samu bakwai cikin takwas a cikin iyaka, kuma kafaɗa da ƙirji na cikin bakwai ɗin, ya wuce zuwa wando. Wanda bai kai ba a zagaye masa gurbin da ya kuskure a katinsa, a faɗa masa dalilin da kalma ɗaya ko biyu, kamar “wurin farawa” ko “matsin tef”.

Kowa ya tafi gida da kati uku babu komai a ciki, ya auna mutum uku masu jiki daban daban, kowanne sau biyu, a tsakani a cire tef gaba ɗaya a sake ɗorawa. Minti 15 na farkon darasin wando za su tafi ne wajen duba waɗannan katunan, kuma waɗanda aka zagaye wa kafaɗa su za su fara riƙe tef a ranar.